Yadda wani yaro ya gano ciwon taransifomar injin shinkafa a Katsina

Taransifomar 300kVA ce, mai sauke 11kV zuwa bolt 415, irin mai man nan da ake ɗorawa kan dakalin siminti a kewaye da waya, ta wani injin casar shinkafa a hanyar Dutsin-ma in ka fita daga cikin Katsina. Ba ta unguwa bace, Alhajin mai injin shi ya saye ta da kuɗinshi, kuma ba sabuwa ya saya ba, an taɓa yi mata riwayindin, wato an sake naɗa wayar cikinta, a wani wuri sannan aka ɗoro ta a mota aka kawo. Tayi aiki lafiya lau kusan shekara biyu, sai wajen watan Maris ta tsiri abu biyu. Na farko kuka. Kowace taransifoma tana gurnani dama, amma wannan nata ya canza, ya zama wani zzzrrr mai kaushi da ko kana bakin get kana jinshi, har maigadi yace shi ya daina shimfiɗa tabarma ta wannan ɓangaren da dare. Na biyu zafi, tankin ya kai ba ka iya aza hannu a samanshi, mai ya fara tsattsafowa ta gaskit ɗin murfi.

Masu gyara biyu sun zo kafin yaron. Na farko yace lodi ne yayi yawa, a rage inji ɗaya ko a sayi 500kVA. Na biyu yace mai ne ya mutu, aka ƙara mai aka canza silika jel ɗin da ke shanye laima, wanda ya riga ya koma ruwan hoda, aka biya shi ya tafi, kuka yana nan zafi yana nan. Ni ban ga laifinsu sosai ba, don gaskiya in kaga taransifoma tana zafi a Katsina cikin Afrilu, mafi yawan lokuta lodi ne da rana, shi yasa hannu yake saurin zuwa can.

Yaron da ake magana a shagonmu na gyaran taransifoma yake, bai daɗe da gama difloma a Hassan Usman Katsina Polytechnic ba, shekarunshi basu kai ashirin da biyar ba, kuma oga ya tura shi ne kawai ya auno lodi ya dawo a rubuta ma Alhaji kuɗin sabuwa. Ya ɗauki kilam mita, wadda ake maƙalawa a jikin waya ta auna amfiya, ya tafi. Cikakken lodin taransifomar 300kVA a ɓangaren 415 lissafinshi sananne ne, 300,000 ÷ (1.732 × 415), yana bada amfiya 417 a kowane layi. Da ya auna da tsakar rana injina duka suna aiki sai ya samu layin ja 255, rawaya 240, shuɗi 250. Kaga kenan ko kashi sittin da ɗaya cikin ɗari bata wuce ba, kuma layukan sun daidaita, babu wanda aka danne. Ya haska na'urar auna zafi a saman tanki, digiri 84, alhali iskar wurin 42 take. Toh anan ne ya tsaya, maimakon ya dawo shago sai ya bugo ma oga waya yace Oga wallahi lodin nan bai kai ya kawo wannan zafin ba, a bani dama in ƙara dubawa.

Dalilinshi shine gaba ɗaya labarin, don haka bari in tsaya a kai. Zafin taransifoma wuri biyu yake fitowa. Akwai na kwayil, wato wayar tagullar da aka naɗa, shi wannan lodi yake bi, kuma ba bi na kai tsaye ba, in ka ninka amfiya sau biyu zafin sau huɗu yake ninkuwa, in ka rage rabi ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Sannan akwai na kwa, wato ƙarfen tsakiya da aka naɗa kwayil ɗin a jikinshi, shi kuma babu ruwanshi da lodi, muddin an jona wuta yana nan yadda yake ko ana casa ko ba a yi. A taransifoma mai wannan girman zafin kwayil a cikakken lodi yakan kai wajen kilowat huɗu, na kwa kuma baya kai kilowat ɗaya. A lodi kashi sittin na kwayil ya sauko bai kai kilowat ɗaya da rabi ba. Wato ya kamata ace tana hutawa ne, man sama ya ɗara iskar waje da digiri ashirin da wani abu, ba arba'in da biyu ba. Akwai wani zafi da yake shigowa daga wani wuri wanda kilam mita bata gani.

Haka kukan ma. Wutarmu a Najeriya tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, shi kuma ƙarfen kwa duk sanda maganaɗisu ya ratsa shi yana ɗan miƙewa ya koma, ɗan kaɗan da ido baya gani, sau biyu a kowane juyi ɗaya, shi yasa gurnanin lafiyayyar taransifoma sau 100 ne a daƙiƙa, sumul, murya ɗaya. Yaron yana da wata manhajar auna sauti a wayarshi, ya kunna daga bayan waya, ga 100 Hz nan a tsaye kamar yadda ya kamata, amma 200 da 300 da 400 sun tashi sosai, sama dasu kuma duk hayaniya ce barkatai. Wannan ba hujja bace da za a buɗe taransifoma a kanta, waya ce kawai, amma ta nuna akwai abin da yake bugun wani abu.

Sai ya fara da na waje, don shi yafi arha. Sau da yawa ƙarar da ake tsoro ba daga ciki take ba, murfin akwatin kebul ne ya saki, ko farantin suna, ko ƙafar tankin bata zauna daidai kan dakali ba, ko fukafukan sanyaya mai suna taɓa juna. Ya nemi busasshen icce ya riƙa danna su ɗaya bayan ɗaya daga ƙasa, nesa da bushin ɗin 11kV, wato ƙahonin nan na tanki da ake jona wayoyi a kansu, yana saurare ko ƙarar zata canza. Bata canza ba. Ya kafa iccen a jikin tanki ya kara kunne a ɗaya bakin yadda makanikai suke sauraren inji, a ƙasa ƙarar da sauƙi, yana hawa tana ƙaruwa, kuma tafi ƙarfi ta gefen layin ja. Ya haska na'urar zafi kan kawunan kebul na ɓangaren 415 ko akwai wanda ya saki yana gasa bushin, dukkansu basu kai zafin tankin ba. Ya shafa fukafukan daga sama zuwa ƙasa, sama zafi ƙasa da dama-dama, duka haka, alamar mai yana zagayawa babu wanda ya toshe.

Saura abu ɗaya da yake kwaikwayon ciwon kwa sak, shine wuta tayi yawa. In boltej ɗin da ke shiga ya wuce abin da aka naɗa kwayil dominshi, ko an ajiye tap canja, wato abin juyawar da ake daidaita boltej dashi, a inda bai dace ba, ƙarfen kwa yana ƙoshi da maganaɗisu, sai yayi ta kuka yana zafi alhali babu abin da ya lalace a ciki. Na sha ganin an sauke taransifoma an kai shago akan wannan, ashe juya tap ɗaya ne maganin. Yaron ya auna, 408 zuwa 412 tsakanin layi da layi, tap yana lamba 3 wato tsakiya. Babu wuta mai yawa anan.

Sai ya roƙi Alhaji abu ɗaya, ranar Alhamis da dare in an tashi a kashe babban bireka na ɓangaren 415 gaba ɗaya, har fitilun tsakar gida, a bar taransifomar a jone ita kaɗai, tunda dama Juma'a da safe ba a casa. Alhaji yace kai yaro wanga wane irin gyara ne, ka kashe mani injina ka zauna kana kallon tanki? Yace Alhaji kayi haƙuri, in lodi ne zuwa asuba zata huce tayi shiru, in kuma bata huce ba to ko 500 ka saya ka sayar da wannan ka sayar ma wani da ciwo, ita kuma wannan ɗin ƙila gyaranta bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin sabuwa ba. Maganar kuɗin ce ta shiga. Allah ya taimaka wuta ta kwana, don mai yana ɗaukar awanni kafin ya sauka, in da an ɗauke tsakar dare da gwajin ya ɓaci. Da asuba iska tana 29, saman tanki yana 57, babu amfiya ko ɗaya da ke fita. Lafiyayya a wannan halin da ƙyar zata ɗara iska da digiri goma. Kukan kuwa ko alamar raguwa, sai ma ya ƙara fitowa tunda injina sunyi shiru.

Daga nan oga da kanshi ya shigo maganar. Aka sanar da ma'aikatan KEDCO suka zo suka sauke fiyus ɗin sama, aka tabbatar babu wuta, aka sa atin, wato wayar da ke kai wuta ƙasa, aka kwance kebul na ɓangarorin biyu. Wannan matakin ba a yi mashi wayo, 11kV bata bada dama ta biyu. Yaron ya sa mega, na'urar auna insuleshan, kwayil ɗin sama wato na 11kV zuwa tanki, na ƙasa wato na 415 zuwa tanki, sannan tsakaninsu, duka ɗaruruwan megom. Ya auna reshiyo, wato yadda naɗin sama da na ƙasa suka dace da juna, a kowane tap, daidai. Ya auna juriyar kwayil uku, sun yi kusa da juna. Anan ne mutane da yawa suke naɗe kaya suce taransifoma lafiyarta lau, tunda mega ta wanke ta. Amma ita mega tambaya ɗaya take amsawa, shin wuta tana zurarewa daga kwayil zuwa ƙasa ko zuwa ɗaya kwayil ɗin? Abin da ke faruwa tsakanin fallayen kwa bata san dashi ba sam.

Gwajin da ya kama ɓarawon shine na babu lodi. Injin yana da babban janareto mai bada 415, sai suka ja kebul ta bireka suka ba taransifomar wuta ta ɓangaren ƙasa, ɓangaren sama a buɗe. Duk mai son yin wannan ya sani, da ka ba ta 415 ta baya to 11kV ce cur take fitowa a bushin ɗin sama, don haka dole wayoyin sama su zama an cire su gaba ɗaya kada ka tura wuta kan layin mutane, a kewaye wurin, a sa mutum ɗaya aikinshi kawai korar masu leƙe. Aka daidaita janareto a 415 da juyi 50. Abin da ake sa rai, taransifomar ta ja ɗan abin da zai tada maganaɗisu kawai, kashi ɗaya zuwa biyu cikin ɗari na cikakken lodi, wato amfiya huɗu zuwa takwas, kuma da tsari, layuka biyu na gefe su zo kusan ɗaya, na tsakiya ya ɗan gaza su saboda hanyar maganaɗisunshi tafi gajarta. Abin da aka samu, ja 14, rawaya 9, shuɗi 8. Tsarin ya karye, kuma ta gefen ja ɗin nan da icce ya nuna tun farko. Oga ya aro mitar auna wat mai layi uku, don kilam mita amfiya kawai take faɗa bata faɗin nawa ne yake zama zafi, ta nuna wat 2,100. Takardar gwajin da aka bada tare da taransifomar, wadda Alhaji ya tono daga cikin durowa, 620 aka rubuta. Kusan kilowat ɗaya da rabi kenan na banza yana dafa mai dare da rana, ana casa ko ba a yi.

Oga ya so a ɗebi mai a kai dakin gwaji a duba iskar da ta narke a ciki, don ƙarfe in yana gasuwa cikin mai yana sakin mitan da etilin, in tartsatsi ne asetilin ke fitowa, in takarda ce ke ƙonewa kabon monoksaid ke yawa, da an san komai kafin a kwance noti ɗaya. Alhaji yace shi ba zai jira ba, dizal na cin shi. Sai aka tsaya ga gwajin ƙarfin mai na shago, wanda ake sa shi tsakanin ƙarafa biyu masu tazarar milimita 2.5 ana ƙara wuta har ta tsallaka. Ya karye a 24kV, alhali ana son ya haura 30, kuma launinshi ya yi duhu da ɗan baƙin gari a gindin kwalba.

Aka ɗauko ta zuwa shago, ba a buɗe ta a filin injin ba saboda ƙurar ƙaiƙayi. Aka zuƙe mai cikin busassun durom, aka kwance murfi aka ɗaga kayan ciki da cenbulok. Ga wanda bai taɓa gani ba, shi kwa ba dunƙulen ƙarfe bane, fallaye ne sirara na ƙarfe mai silikon, kowanne kaurinshi bai wuce kashi uku cikin goma na milimita ba, kowanne da ɗan shafe a jikinshi da ke hana wuta tsallakawa zuwa na kusa dashi. Da dunƙule ne da wuta ta riƙa kewayawa a cikinshi ta gasa shi, yanka shi falle-falle shi ke datse mata hanya. Ƙafafu uku ne a tsaye kowacce da kwayil ɗinta, sai gada a sama da ƙasa da ta haɗa su. Gadar nan fallaye ne aka saƙa, kuma abin da ya riƙe su shine kilam, ƙarafa biyu masu kauri ɗaya a gaba ɗaya a baya, an matse su da dogayen ƙusoshi masu noti. A irin wannan tsohon ƙirar wasu ƙusoshin ta gefe suke wucewa, wasu kuma ta cikin fallayen kansu aka huda musu, su waɗannan na cikin ana sa musu bututun insuleshan da washa na fiba don kada su taɓa fallaye ko kilam. Kamar damin kara ne, in igiya ta saki kowane kara sai ya samu wurin motsi.

Yaron ya kai hannu kan notin kilam na sama ta gefen layin ja, ya juya da yatsu biyu, ko sifana bai ɗauka ba. Na kusa dashi ma haka. Babu lok noti, babu sifirin washa, ko ɗan bugun ponci da ake yi a bakin zare don kada ya warware babu. Allon fiba da ake sawa tsakanin kilam da fallaye ya zame ya sauka, fallayen saman gadar sun buɗe har kana iya zura farce, bakinsu yayi ƙyalli inda suka daɗe suna gugar juna, wasu wuraren sunyi baƙi, ga wani laka-laka na gawayin mai da garin ƙarfe a kwance a kai. Ƙusar da ta ratsa ta cikin gadar da aka zaro ta tayi shuɗi-shuɗi irin na ƙarfen da ya sha wuta, bututunta ya cinye ta gefe ɗaya, washar fiba ta farfashe. Kafin a zaro ta yaron ya cire ɗan farantin atin na kwa ya sa mega a bolt 500 tsakanin ƙusar da fallaye, sifili. Tsakaninta da kilam, sifili. Sauran ƙusoshin duka sun bada megom masu yawa.

Yadda abin ya faru a jere yake. Noti ya fara saki, wataƙila tun ranar da aka ɗoro ta a mota tana shan gargada, ko kuma allon fiba ne ya ƙanƙance bayan ya sha zafi, don yana yi, shi yasa ake sake ɗaure kilam bayan an gasa kayan ciki a oba. Da matsi ya ragu fallaye suka fara kaɗawa sau 100 a daƙiƙa, shine kukan. Kaɗawar ta goge shafen da ke tsakaninsu suka fara haɗuwa, wuta ta samu hanyar kewayawa, zafi ya fara. Buɗewar da mahaɗar fallayen tayi ita ta sa layin ja yake jan amfiya da yawa, don maganaɗisu baya son tsallaka gurbi. Sannan babban, gugar ta cinye bututun ƙusa da washa, ƙusa ta taɓa kilam na gaba da na baya, su kuma dama ƙusoshin gefe sun haɗa su, sai aka samu zobe na ƙarfe rufaffe da ya kewaye wani sashe na maganaɗisun. Wannan zoben kwayil ne mai naɗi ɗaya da aka yi ma shot. A taransifoma irin wannan kowane naɗi ɗaya wajen bolt takwas yake ɗauka, zoben ko rabin haka ya samu, a cikin ƙarfe mai kauri haka ɗaruruwan amfiya ne ke gudu. Kuma fiyus ba zai taɓa tsinkewa a kai ba, don kilowat ɗaya da rabi a ɓangaren 11kV ko kashi ɗaya cikin goma na amfiya bai kai ba. Ita kuma ƙarama ce bata da rile ɗin Buchholz da zai tara iska ya buga ƙararrawa.

Wani a shagon yace toh ai shikenan a ɗaure noti a mayar. Yaron yace a'a, kuma oga ya goya mashi baya, don in ka matse fallayen da shafensu ya goge ka ƙara manna su ne, kuka zai ragu zafi ya zauna. Sai da aka zare fallayen gadar sama na ɓangaren da ya ƙone ɗaya bayan ɗaya, ana jera su bisa tsarin da aka ciro su don kada saƙar ta rikice. Waɗanda suka narke a baki aka canza su da na wata matacciyar taransifoma mai faɗin falle iri ɗaya, sauran aka goge kaifin bakinsu aka wanke aka shafa banish siriri aka bari ya bushe. Aka sa sabuwar ƙusa da bututun fiba gilas da sabbin washa, sabon allo tsakanin kilam da fallaye. Wajen ɗauri ma akwai ƙa'ida, daga tsakiya ake farawa a fita gefe, kaɗan-kaɗan ana zagayawa, da sifana mai auna ƙarfi, ba wai a samu ƙato ya sa bututu a sifana ya hau ba. Matsi in yayi yawa shima yana ƙara asarar ƙarfen kuma yana fasa washa, ka dawo gidan jiya. Aka sa lok noti a kowacce, aka duba na ƙasa da masu danne kwayil suma aka ƙara musu.

Kafin a mayar da farantin atin ya sake sa mega, ƙusa zuwa fallaye, ƙusa zuwa kilam, fallaye zuwa kilam, duka sun haura megom ɗari. Sannan ya mayar da farantin, guda ɗaya tak. Wani yaron shago ya tambaya me zai hana a sa biyu don a ƙara tsaro, oga yace mashi kai da ka sa na biyu ka sake ƙulla zoben da muka kwana muna kwancewa, kwa wuri ɗaya ake kai shi ƙasa. Aka wanke kwayil da mai mai tsabta don garin ƙarfen nan in ya maƙale a takarda shi zai kashe ta nan gaba, aka wanke gindin tanki, aka sa kayan ciki a oba suka bushe tunda takarda tana shan laima da zarar ta fito daga mai, aka sake bin notin bayan sun fito, aka rufe da sabon gaskit. Man aka tace shi da inji har ya kai 55kV, aka cika, aka bari ya kwanta kumfa ta fita. Dattin man da ya rage oga ya kulle shi, don akwai masu zuwa nema wai na shafawa ko na suya, kuma tsohon man taransifoma wani yana ɗauke da guba.

Da aka maimaita gwajin babu lodi, ja 6.5, rawaya 5, shuɗi 6.4, wat 750. Bata koma 620 ba kuma ba zata koma ba, kwa da aka taɓa kwancewa aka yi ma ƙari baya dawowa kamar na kamfani, yaron ya faɗa ma Alhaji haka ƙarara. Aka mayar da ita aka jona, aka barta awanni babu lodi ana saurare, gurnani sumul, sai ka matso kusa da waya kake ji. Da aka ɗora injina, lodi ɗaya da na da wajen amfiya 250, rana ɗaya, saman tanki ya tsaya a 69.

Abin da gyaran bai iya dawowa dashi ba shine takardar kwayil. Ita zafi ke tsufar da ita, a ƙa'idar da ake aiki da ita duk ƙarin digiri shida a wuri mafi zafi yana ninka saurin tsufanta, kuma wannan tayi watanni tana dahuwa, ta saman kwayil ɗin ja har ta fara yin ruwan ƙasa duk da bata karye ba da aka lanƙwasa gefenta. Don haka yaron ya rubuta ma Alhaji a takarda, kada a wuce amfiya 330 a kowane layi musamman Maris zuwa Mayu, injin da yake shirin ƙarawa a sake lissafi kafin a jona shi, a yi mata rumfar kwano mai tsayi da iska ke ratsawa nesa da wayoyin sama, sannan bayan wata uku a ɗebi mai a kai gwajin iskar nan da aka tsallake. Ya kuma ba manajan injin littafi, duk Juma'a da safe kafin a tada injina a rubuta zafin tanki da na iska, in tazarar ta haura digiri goma sha biyar babu lodi a kira shago. Alhaji ya karɓi takardar yace rumfa da littafi ya yarda, gwajin mai kuma a bari sai an sayar da shinkafar da ke sito.